Kafasita biyu na 200 V a siris, ƙaramin ya kumbura: ina kuskuren yake?

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsalar da ta hana ni sukuni tun jiya. Ranar Litinin aka kawo mini talabijin, babban kafasitan da ke bayan rektifaya ya mutu, 82 µF ne mai 400 V. Na duba akwatina babu irinsa, mai kayan kuma yana tsaye a kaina yana son kallon ƙwallo da daddare. Sai na tuna ina da guda biyu da na cire daga wasu tsofaffin bod, ɗaya 100 µF ɗaya 330 µF, kowanne 200 V. Na haɗa su a siris, ƙafar ɗebewa ta na farko da ƙafar tarawa ta na biyu, a raina ina cewa 200 da 200 ai 400 ke nan. Ta kama, hoto tas. Jiya Alhamis ya dawo da ita, wai ya ji ƙara kamar an fasa leda, sai wari. Da na buɗe, kan ƙaramin ya kumbura ya tsage, ruwan cikinsa ya bushe a jikin bod kamar ƙanzo. Babban kuwa ko gezau. Me ya sa ƙaramin kaɗai? Ba tare suke ɗaukar wutar ba?

Mai fanka, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Oga, ni ma na taɓa haɗa biyu. Fankar sama ce ta yi sanyi, na ƙara mata 1.5 µF a kan 2.5 µF ɗinta don ta ƙara gudu, sai ma ta ƙara lafewa, har sai an tura ta da sanda take tashi. Ni abin da na ɗauka shi ne kafasitan yanzu jabu sun yi yawa a kasuwa. Naka ma ƙila jabu ne.

Mai kwamfuta, PZ:
Ba jabu ba ne. Kuma haɗin da ka yi ba baƙon abu ba ne, Oga. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar fawa ta kwamfutar tebur, mai ɗan makunnin nan ja na 115 da 230 a baya, zai ga manyan kafasita biyu na 200 V tsaye gefe da gefe, kuma a kan wutarmu a siris suke aiki. Shekaru suke yi ba su fashe ba. Abin da ka manta rizista ne. Kowane kafasita ana ɗora masa rizista a ƙafafunsa, su ne ke raba wutar biyu daidai. Sa 220 kΩ a kan kowanne, magana ta ƙare.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Salamu alaikum. Na karanta duka, bari in fara da mai tambaya, sannan in dawo kan rizista, don maganar tana da gaskiya amma ba ta kai gida ba.

Ɗana, ka dubi mahaɗar tsakiya, inda ka ɗaure ƙafafun nan biyu da dalma. Wannan wurin ba ya haɗe da komai a waje. Farantin ƙaramin na ciki, da guntuwar waya, da farantin babban na ciki, tsibiri ne guda. Caji ba ya shigarsa daga waje, ba ya fita, sai dai ya gusa daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka duk cajin da ya taru a ɗaya, daidai shi ne ya taru a ɗayan. A siris caji ne ke zama ɗaya a duka biyun, boltej kuwa rabuwa yake yi.

Yanzu ka ɗebi ruwa moɗa guda ka zuba a daro, ka ɗebi wani moɗa guda ka zuba a kwalba. Ruwan ɗaya ne, amma a daro ko idon sawu bai kai ba, a kwalba kuwa ya kusa wuya. Tsayin ruwan shi ne boltej, faɗin mazubin shi ne yawan µF. Ƙaramin naka shi ne kwalbar.

Ga lissafin a kan kayanka:

```
C = (100 × 330) / (100 + 330) = 76.7 µF
V = 230 × 1.414 = 325 V
V(100) = 325 × 330 / 430 ≈ 249 V
V(330) = 325 × 100 / 430 ≈ 76 V
```

Ta fuskar µF ka yi dace, 76.7 bai yi nisa da 82 ba, shi ya sa hoton ya fito tas. Amma ka ɗora wa kafasita mai 200 V wutar da ta kai kusan 250, alhali babban yana zaune da 76 kacal, bai ma san ana yi ba.

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:
Malam, Allah ya ƙara sani. To ke nan 400 ɗin da nake ƙirgawa babu ita? Nawa ne ainihin abin da haɗin zai iya ɗauka?

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Babu ita. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce, wane ne zai fara cika? Ka ninka µF da boltej na kowanne. Ƙaramin: 100 sau 200, dubu ashirin. Babban: 330 sau 200, dubu sittin da shida. Mai ƙaramar lamba shi ne zai fara kaiwa iyakarsa. A lokacin da ƙaramin ya kai 200 V, babban yana riƙe da caji iri ɗaya, sai ka raba dubu ashirin ɗin da 330, ya ba ka 61 V. Ka tara, 261 V. Nan ne ƙarshen abin da haɗinka zai ɗauka lafiya, kai kuma ka sa shi a kan 325. Kuma na yi lissafin ne da 230. Daren da wuta ta zo da ƙarfi, ko janareto ya yi sama kafin ya daidaita, abin ya wuce haka.

Mai fanka, kai ma wannan lissafin ne ya kama ka, idan a siris ka haɗa. 2.5 sau 1.5 a raba da 4, ya ba ka 0.94 µF. Ka rage mata ne ba ka ƙara ba. Haɗin siris kullum yana fitowa ƙasa da mafi ƙanƙanta a cikinsu. Da gefe da gefe ka haɗa, faralel, da sun taru sun zama 4, amma wannan ma ya yi wa fankar 2.5 yawa, kwayil zai riƙa zafi.

Mai fanka, Sabon Gari:
Malam, ai wutar fanka ba ta bi ta rektifaya. Ita ma haka take rabuwa? Kuma ni na yanke waya ɗaya ne na saka sabon a tsakani, ban san sunan haɗin ba.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Wannan shi ne siris ɗin. Kuma a wutar gida mai kai da komo rabon bai canza ba, ƙaramin ne ke ɗaukar kaso mafi yawa. A naka, 1.5 zai ɗauki kashi biyar cikin takwas. Sai dai ka kiyaye, kafasitan fanka ba shi da ƙafar tarawa da ta ɗebewa, dabam yake da irin na talabijin. Kada wata rana ka ɗauki na talabijin ka saka a fanka.

Ɗalibar injiniya, Samaru:
Malam, da izininka, ni wani abu ne ya ɗaure mini kai a ɗakin gwaji. Mun haɗa 100 nF da 330 nF a siris a kan 12 V. Lissafi ya ce ƙaramin zai nuna 9.2, babban 2.8. Da na ɗora mita a kan ƙaramin, ta ɗan nuna wajen takwas, sai lambar ta riƙa sauka a idona, bakwai, biyar, uku, har ta kusa sifili. Na matsa kan babban, sai na gan shi sama da goma, shi ma ya fara sauka. Na rubuta a rahotona cewa kafasitan sun lalace, aka dawo mini da shi da jan biro. Har yau ban gamsu ba.

Mai kwamfuta, PZ:
Ƙanwata, mitarki ce ta sha cajin. Batirinta ƙila ya yi sanyi.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Mitar ce, amma ba ruwan batiri. 'Yata, yawancin mitocin dijital suna da 10 MΩ a tsakanin wayoyinsu in ana auna boltej. Da kika ɗora ta, kin yi wa tsibirin nan na tsakiya gada. Caji ya samu hanyar tsallakewa, sharaɗin da lissafin ya dogara a kai ya rushe. Saurin abin kuwa, ki ninka 10 MΩ da jimillar biyun, 430 nF, ki samu daƙiƙa 4.3. Kafin ki gama daidaita idonki a kan lambar, ta riga ta fara gangara. Abin da ƙaramin ya rasa kuma babban ne ya karɓa, tunda dole jimillarsu ta tsaya a 12, shi ya sa kika tarar da shi sama da goma. Kayanki lafiya suke.

Na ji daɗin tambayarki, don ita ce ƙofar maganar rizista. Lissafin da na yi a sama na lokacin da aka kunna wuta ne. In wutar da ba ta juyawa ta daɗe a kan haɗin, abin da ke yanke rabon shi ne duk wata hanya da caji ke bi ya tsallake: mita, rizista, ko yoyon da kafasitan kansa ke yi ta ciki. Irin na talabijin, masu ruwa a ciki, duk suna yoyo, kuma ba ka samun biyu da yoyonsu ya zo ɗaya. Wanda ya fi yoyo wutarsa na sauka, ta koma kan ɗan uwansa.

Mai kwamfuta, PZ:
To ai abin da na faɗa ke nan tun farko, Malam. Rizista ta fi ƙarfin yoyon, ta raba 325 biyu, kowanne ya samu wajen 162, ƙasa da 200. Ina matsalar?

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Matsalar lokaci ce. A fawar kwamfutar da ka ambata, kafasitan biyu tagwaye ne, lamba ɗaya, kamfani ɗaya. Tun a daƙiƙar farko sun raba wutar kusan daidai, aikin rizista kawai ta hana yoyo ya karkatar da rabon daga baya. A nan kuwa so kake rizista ta gyara rabon da ya fara a karkace.

Mu auna. 220 kΩ biyu, in ka dube su daga mahaɗar tsakiya, kamar 110 kΩ ne guda. Ka ninka da 430 µF, daƙiƙa 47. Cikar kafasitan daga rektifaya kuwa ƙiftawar ido ce. Saboda haka da an kunna, ƙaramin ya hau kusan 250 nan take, sannan ya fara saukowa a hankali zuwa 162. Kafin ya sauko ƙasa da 200 sai an yi wajen daƙiƙa arba'in, kafin ya daidaita sosai sai minti uku zuwa huɗu. Duk kunnawa haka. Ka ƙirga sau nawa ake ɗauke wuta a dawo da ita a yini.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, mutane ba su cika lura da shi ba. A ce an daidaita, kowanne na kan 162, sai aka ɗauke wuta. Talabijin tana ci gaba da zuƙar abin da ke cikinsu, kuma caji iri ɗaya take ja daga kowanne. Kwalba ce za ta riga daro ƙarewa. Ƙaramin ya kai sifili alhali babban na da sama da 110 V, in jan ya ci gaba sai babban ya fara cika ƙaramin ta baya. In aka zuƙe har ƙasa, ƙaramin zai tsaya a wajen 87 V a juye. Kafasita mai ruwa kuwa ko bolt biyu a juye ba ya so.

Mai kwamfuta, PZ:
Wannan na ƙarshen ban yarda da shi gaba ɗaya ba, Malam, da girmamawa. Fawar talabijin ba ta zuƙewa har sifili. Da wutar ta sauka wani mataki take tsayawa da kanta. Kuma dayod guda a kan kowane kafasita, a juye, zai hana hakan.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Ka yi gaskiya, tana tsayawa. Amma a wannan haɗin ƙaramin yana kai sifili ne tun jimillar na wajen 113 V. In fawar na ci gaba da aiki ƙasa da haka, ya juye, ko da ba 87 ba ne. Dayod ɗin kuma yana maganin juyewar, na yarda, amma bai taɓa 250 ɗin kunnawa ba. Kafasita biyu, rizista biyu, dayod biyu, duk don a kauce wa sayen abu guda.

Yaron shago, Kwangila:
Gafara dai manya. Ni abin da ban gane ba, in 250 ta fi ƙarfinsa, me ya sa bai fashe ranar Litinin ɗin ba? Kwana uku fa ya yi.

Mai kwamfuta, PZ:
Saboda in wuta ta wuce iyakarsa yoyonsa ƙaruwa yake, sai ya sauke wa kansa kaya ya tura wa babban. Kusan yana daidaita kansa. Ni a ganina da sabo ne fil, ba cire-cire ba, da zai iya yin watanni.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Yana sauke kayan, amma da jikinsa yake biya. Wannan yoyon zafi ne, kuma yana haifar da iska a cikin gwangwanin. Tsagar nan da kuke gani a kansa kamar alamar tarawa an yi ta ne don ya buɗe ta can maimakon ya tarwatse. Kowace kunnawa tana cin wani abu, bayan talabijin kuma da ma wuri ne mai zafi. Ko sabo zai yi watanni, wannan hasashe ne, ni dai ba zan mayar wa mutum kayansa a kan hasashe ba.

Ɗalibar injiniya, Samaru:
Malam, to in duka biyun lamba ɗaya ne, an tsira ke nan? Na ga an rubuta ±20% a takardar bayanin irin waɗannan.

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Kin taɓo wurin. A ce ya samu 150 µF biyu, su ba shi 75. In rashin sa'a ta sa ɗaya 120 ne a zahiri, ɗayan 180, ƙaramin zai ɗauki kashi sittin cikin ɗari, 195 V ke nan a kan 325. Mai 200 V yana bakin rami, wuta ta ɗan ƙaru ya faɗa. Shi ya sa in dole ta kama, a nemi masu 250 V, a auna µF ɗinsu da mita a zaɓi waɗanda suka yi kusa da juna, sannan a sa rizistocin nan. Kowace 220 kΩ tana ƙona wajen 0.12 W ne, amma ku sa mai rabin wat ko wat guda, don ƙananan ba sa jure boltej mai yawa.

Mai tambaya, kada ka ɗauki maganata haka nan. Ka gwada a kan batirin 12 V, inda ba abin da zai ji maka. Ka samo wani 100 µF cikin tarkacenka, ka sauke cajin kowanne tukuna, ka haɗa da 330 ɗin, ka auna. A wannan girman mita ba za ta dame ka ba, sai ta fi sa'a kafin ta yi abin da ta yi wa ɗalibarmu. Kuma kafin ka sa hannu a bod ɗin talabijin, ka sauke kowane kafasita shi kaɗai da kwan fitila ko rizista. A siris, bakin waje zai iya nuna sifili alhali kowanne na riƙe da wuta, ɗaya na soke ɗaya.

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:
Na dawo. Bayan sallar Juma'a na zauna na yi gwajin. Batirin ya nuna 12.6. Ƙaramin 9.5, babban 3.1. Na sa 220 kΩ a kan kowanne, na zuba ido, lambar ƙaramin na sauka kaɗan kaɗan, sai da na sha shayi na dawo na tarar 6.3 da 6.2. Sannan na cire batirin, na haɗa bakin waje biyu da waya, mita na kan ƙaramin. Wallahi alamar ɗebewa ta fito, -3.1, sannan ta riƙa komawa sifili a hankali. Na maimaita sau biyu, haka ta yi.

Mai kwamfuta, PZ:
To, a batiri da waya na gani. Amma waya ba talabijin ba ce. Ina so wani ya auna a kan fawa ta gaske, a ga a nawa take tsayawa in an zare filogi. Zan gwada a kan wata da ke shagona in kawo lambar.

Ɗalibar injiniya, Samaru:
Malam, lissafi ya ce 9.7 da 2.9 a kan 12.6, shi kuma ya samu 9.5 da 3.1. Ke nan in na raba 9.5 da 3.1, ainihin rabon µF ɗinsu wajen 3.06 ne maimakon 3.3? Ko yoyo ne ya riga ya fara aiki kafin ya karanta?

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Duka biyun na iya yiwuwa, tsofaffin kaya ne da suka daɗe a ajiye. In ya auna µF na kowanne da mita za mu san wanne ne.

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:
Mitata ba ta auna sama da 200 µF, sai na ari ta maƙwabcina gobe. Talabijin ɗin dai, na tura yaro Sabon Gari ya samo 82 µF mai 450 V, ya ɗan fi na asali tsayi amma ya zauna. Fis ya tsira, dayodin rektifaya huɗu duk na auna lafiya. Na wanke bod ɗin inda ruwan ya zuba, na ga ya fara cin layin tagulla ɗaya, na bi shi da dalma. Na ce wa mai ita ba zan karɓi kuɗin aiki ba. Malam, shi 330 ɗin da bai kumbura ba, in ajiye shi ko in jefar?

Tsohon malamin lantarki, Kongo:
Lokacin da ƙaramin ke mutuwa, in ya haɗe ta ciki ko na ɗan lokaci ne, duk 325 ɗin kan babban ta koma. Gwajin 12 V ba zai nuna maka wannan rauni ba. Kada ka sa shi a kayan mutane. Ka yi masa alama da jan fenti, ka bar shi don gwaji a tebur.

Mai fanka, Sabon Gari:
Malam, fankar nan tana nan a shago. In na cire 1.5 ɗin na bar tsohon 2.5 kaɗai ai sanyin farko za ta koma. In sayo sabon 2.5 ne, ko in fara duba bodin?